Ranar da na ɗaure wayata da robar kuɗi: zare kan batirin da ya kumbura

1/ Jama'a, idan murfin bayan wayarka ya fara ɗagowa, ko sikirin ɗinta ya fara rabuwa da jikinta, don Allah ka tsaya ka karanta wannan zaren kafin ka sake saka ta a caji. Ni na yi kwana 9 ina kwana da irin wannan wayar a ƙarƙashin filo. Kuma wai ni ɗalibin kemistiri ne, aji uku. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Watan Afrilu ne, ana saura mako biyu mu fara jarrabawa. Wanda ya taɓa zama a hostel a Kano a wannan watan ya san abin da nake nufi. Zafin rana ya wuce digiri 40, da daddare kuma bangon ɗaki ya dinga dawo maka da duk abin da ya sha tun safe. Ko fanka ta juya, iska mai zafi take raba muku.

3/ Wayar ta hannu na saya, kuma ta shekara biyu da rabi a wurina. Ban san shekara nawa ta yi a hannun mai ita na farko ba. Komai nawa yana cikinta: handawut ɗin da na ɗauka a hoto, rikodin ɗin lacca, manhajar banki, lambobin mutane, da hotunan Babanmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda ban taɓa kwafe su zuwa ko'ina ba.

4/ Abin da na fara lura da shi ƙarami ne. Na ajiye ta a kan benci a aji, ina taɓa sikirin sai ta dinga rawa, kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza. Na ɗan ture gefenta da yatsa, sai ta juya kamar katantanwa. Wayar da bayanta yake a shafe ba ta juyawa haka. Na yi dariya na wuce.

5/ Bayan kwana biyu na cire mata riga don in goge ƙura, sai rigar ta ƙi komawa daidai. Da na duba ta gefe, murfin baya ya ɗago, har farcena yana shiga. Ga kuma wani farin tabo a tsakiyar sikirin, kamar an danna shi da yatsa daga ciki. Ashe da gaske danna shi ake yi daga ciki.

6/ Cajin ma ya fara wasa da hankalina. Tana 40, in buɗe kyamara, ta faɗo 12, ta mutu. In kunna ta, ta nuna 31. Duk waɗannan alamu na gan su. Me na yi? Na samu robar ɗaure kuɗi guda biyu na ɗaure ta sama da ƙasa, na ce bayan jarrabawa ma yi maganar.

7/ A ɗakinmu kowa ya zama injiniya. Wani ya ce cajata ce, in jefar da ita. Wani ya ce in kai ta firjin mai sayar da lemo ta kwana, za ta sace. Na kusa da gadona ya ce, “Kai dalla iska ce kawai, kawo allura in huda maka ita.” Har ya ɗauko allurar da yake ɗinke silifas. Abin da ya hana ni ba ilimi ba ne, tsoron kada wayar ta mutu da hotunan nan ne.

8/ To bari in faɗi abin da ke cikin batirin, don sai an san shi za a gane me ya sa allurar nan ta kusa jawo mana aiki. Batirin wayoyin yanzu ba gwangwani ba ne kamar na tocila. Wata 'yar leda ce mai haɗe da alminiyam, an liƙe bakinta ruf, kamar ledar madarar gari. Taushi gare ta. Da yatsa ma za ka iya lotsa ta.

9/ A cikin ledar akwai falle-falle sirara, an naɗe su kamar tabarma ko an jera su kamar shafukan littafi. Falle ɗaya na jan ƙarfe ne da aka shafa masa irin baƙin da ke cikin fensir. Ɗayan na alminiyam ne da aka shafa masa sinadari mai litiyam. Tsakaninsu akwai wata leda mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta fi gashin kai siranta.

10/ Ku riƙe wannan siririyar ledar ta tsakiya a ranku. Aikinta ɗaya ne: kada falle biyun nan su taɓa juna. Duk an jiƙa su da wani ruwa, kuma ba ruwan sha ba ne, ruwan sinadari ne mai kama wuta. Ta cikinsa litiyam ke bi ya koma wancan ɓangaren idan kana caji, ya dawo idan kana amfani da wayar. Shi ke nan rayuwar batir: je ka, dawo.

11/ Matsalar ita ce wannan ruwan ba ya dawwama. A hankali yana lalacewa, yana rikiɗa ya zama iska. A cikin iskar akwai irin wadda muke fitarwa da numfashi, akwai mai guba irin ta hayaƙin janareta, akwai kuma masu kama wuta. Leda a liƙe take, babu ƙofar fita. To ina iskar za ta je? Sai ta hura ledar.

12/ Kun san gorar kunun aya da ta kwana a zafi? Da safe za ka ga ta yi tim, gindinta ya turo, ta ƙi tsayawa a kan tebur. Ba wanda ya hura mata iska, abin da ke cikinta ne ya lalace. Haka batir. Kuma kamar kunun, ko ka sassauta murfi iskar ta fita, abin da ke ciki ya riga ya tashi daga aiki.

13/ Wani abu da ya ba ni mamaki da na zauna na yi tunani: kumburin nan ledar tana yin aikinta ne. Ta riƙe iska mai guba da mai kama wuta, ta miƙe maimakon ta fashe. Ita ce take ɗaga murfi don ka gani. Ni kuma na sa roba na ce mata ta yi shiru.

14/ Kowane batir yana tsufa. Yawanci bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 500, ƙarfinsa yana sauka zuwa wajen kashi 80 cikin 100, wasu sababbi sun fi haka juriya. Mai cajin waya kullum zai kai nan cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Amma ba kowane tsohon batir ke kumbura ba. Akwai abubuwan da ke hanzarta lalacewar ruwan nan, kuma babbansu zafi ne.

15/ A aji an koya mana cewa yawancin haɗuwar sinadarai suna ƙara sauri idan zafi ya ƙaru, sau da yawa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki. Ban taɓa haɗa shi da abin da ke ƙarƙashin filona ba. Masu ƙera waya irin su Apple suna rubuta cewa a yi amfani da ita inda zafi bai wuce digiri 35 ba. Mu a Afrilu a inuwa ma mun wuce nan.

16/ Na biyu shi ne zama a cike. Idan ka ga bayan batir, za ka ga an rubuta wani abu kamar 3.85V, sannan iyakar cajinsa 4.4V. Wannan 4.4 ɗin shi ne 100 da kake gani a sikirin. A nan batir ya fi takura, a nan ruwan ya fi saurin lalacewa. Cike kaɗai da sauƙi. Zafi kaɗai da sauƙi. Amma cike kuma da zafi, awa bayan awa, shi ne abin da ke hura leda.

17/ Yanzu ku ji yadda nake yi kowane dare. Wuta takan zo mana da tsakar dare. In saka caji. Saboda masu ɗan hali, ba na barin waya a fili, sai in tura ta ƙarƙashin filo. Tana cikin riga ta roba mai kauri. Ga datar dare, na jera fina-finai suna sauka, na kuma buɗe wa abokin ɗakina hotsifot. Sai in ɗora kaina a kai in yi barci.

18/ Ku lissafa da ni. Caji yana kawo zafi. Saukar da fim yana kawo zafi. Hotsifot yana kawo zafi, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi. Riga ta tare shi, katifa ta tare shi ta ƙasa, filo ta sama. Kafin ƙarfe 3 ta kai 100, ta zauna a nan har asuba. Da safe nakan ɗauko ta kamar an sauke ta daga kasko. Haka na yi ta yi fiye da shekara.

19/ Akwai wasu dalilan da ba su shafe ni ba amma suna iya shafar wani. Wayar da ta mutu aka jefa a akwati wata da watanni, batirin ya zube ƙasa da inda ya kamata, ranar da aka saka ta caji tana iya kumbura. Wadda ta faɗi ko ta lanƙwashe a aljihun baya. Wadda ruwa ya shige ta. Da batirin da tun asali ba shi da kyau.

20/ Shi wannan na ƙarshen ba ƙananan kamfanoni kaɗai yake samu ba. A 2016 Samsung ta janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda wasu suna kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Da suka gama bincike suka ce matsalar daga batiran ce, falle-fallen ciki ne ke taɓa juna. Ba caja ba.

21/ Mu dawo kan allura. Idan ka huda, abu na farko iskar da ke fitowa a fuskarka take fitowa. Na biyu, allura ƙarfe ce. Tana wuce ledar waje da kaɗan ta huda siririyar ledar tsakiya, ta haɗa falle biyun da aka ce kada su haɗu. Duk wutar da ke cikin batirin sai ta bi ta wannan ɗan wurin, ya yi zafi nan take, ga ruwa mai kama wuta a kewaye da shi.

22/ Wani zai ce ai shi ya taɓa hudawa kuma ba abin da ya faru. Na yarda, yana faruwa, musamman idan batirin ba caji a cikinsa. Amma yanzu yana yawo da batir buɗaɗɗe. Damshin iska yana shiga, kuma gishirin da ke cikin ruwan batirin idan ya haɗu da damshi yana haifar da wani asid mai cin fata da huhu. Sa salatif a kan hudar ba ya mayar da shi sabo.

23/ Matsewa ma ɗan'uwan hudawa ne. Roba, maƙala, ɗora littattafai, ko a sa gam a danne murfi da ƙarfi. Kana tura kumburarriyar leda kan sukurori da gefunan ƙarfe da ke cikin wayar, kana kuma matse falle-fallen da suka riga suka gurɗe. Sikirin ne kan fara biyan kuɗin, ya tsage daga ciki. Idan aka yi rashin sa'a, ledar ce za ta yage.

24/ Firji kuwa, iska takan ɗan tsuke a sanyi, sai ka ga kamar kumburin ya ragu. Fito da ita minti kaɗan ya dawo. Ribar da ka ci ita ce raɓar da ta taru a cikin wayar. Babu wata dabara, babu wata manhaja, da ke mayar da iskar nan ruwa. Batirin da ya kumbura ya gama. Canzawa kawai.

25/ Dare na 9, wajen ƙarfe 2, na farka ina jin wani ƙamshi-ƙamshi mai hawa kai, irin na ruwan da mata ke goge jan farce da shi. Na laluba ƙarƙashin filo. Wayar ta yi zafin da sai da na sake ta. Roba ɗaya ta tsinke. Murfin ya buɗe har ina hango bayan batirin ya yi tulu kamar fanke.

26/ Wallahi abin da ya fara zo mini ba wayar ba ce. Katifar soso ce, da gidan sauro, da mu shida a ɗaki, da ƙofar da muke kullewa da kwaɗo ta ciki. Na kashe soket daga bango, na zare waya. Na naɗo ta a tawul, na fita da ita baranda na ajiye a kan siminti, nesa da kayan shanya. Na zauna daga nesa ina kallon ta har aka kira salla. Ba ta kama ba. Allah ne ya tsare.

27/ Wannan ƙamshin, ku riƙe shi. Yana nufin ledar ta fara yoyo. Shi da zafin da ba ya sauka bayan an cire caji, da ƙarar tsss, da hayaƙi komai ƙanƙantarsa. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, maganar kwafe hotuna ta wuce. Ka nisanta ta da mutane da duk abin da ke ci da wuta, kai ma ka matsa.

28/ In kuma ta kama: kada ka sunkuya a kanta, hayaƙin guba ne. Ka tabbata ba ta jone da wutar bango, sannan ka kwara mata ruwa mai yawa, ko ka rufe ta da yashi. Ruwa yana sanyaya ta, abin da ake buƙata ke nan. Ko ta mutu kada ka ɗauka da hannu da wuri, irin wannan wutar takan sake tashi.

29/ To idan kumburi ne kawai, ba zafi, ba wari? Abu na farko: ka daina caji, daga yanzu, ba gobe ba. Idan da sauran caji a ciki, ka ajiye ta a kan tayil ko siminti, ka tura abin da ba ka son rasawa, ka kashe ta. Minti goma ne, ba kallon fim ba. Ka cire layi da memori. Da haka na yi ranar farko, da ban ga daren nan ba.

30/ Inda za ta jira kafin ka kai ta gyara: tsohuwar tukunya ko kwano na ƙarfe, ka zuba yashi a ƙasa, a inuwa, inda iska ke wucewa. Kada ka rufe ruf. Ba a kan gado ba, ba kusa da tukunyar gas ko jarkar fetur ba, ba inda yara za su ɗauka ba. Za ka tafi da ita kuma, ba a aljihun wando ba, inda za ka zauna a Adaidaita ka danne ta.

31/ Da gari ya waye ta huce, na saka ta a kwanon abincina na ƙarfe na nufi kasuwar waya. Na tafi da cajar ma, don a raina na riga na yanke mata hukunci. Mai gyaran dattijo ne, da furfura a gemu. Ya buɗe kwanon, ya ga guntun roba, ya dube ni. Ya ce, “Ɗan makaranta, kwana nawa?” Na ce tara, Baba. Ya ce, “A ina take kwana?” Na yi shiru. Ya ce, “Ƙarƙashin filo.” Ba tambaya ba ce.

32/ Na kalli yadda ya yi aikin, kuma ina so ku ma ku kalla idan an zo kan taku. Bai ɗora ta a kan injin ɗumama waya ba, ya ce murfin ai ya riga ya buɗe kansa, kuma kumburarren batir ba a ƙara masa zafi. Ya fara zare igiyar batirin daga jikin bod. Ya ɗiga sifirit a ƙarƙashinsa don gam ya saki. Ya jira. Sannan ya ɗaga shi a hankali da wata 'yar roba mai faɗi.

33/ Bai sa sukundireba ba, bai lanƙwasa shi ba. Idan ka ga mai gyara ya ɗauko ƙarfe mai tsini zai banƙare batirinka, ka ce ya dakata, ba rashin kunya ba ne. Ya kuma ce gara da ta zo masa caji ya kusa ƙarewa, don batirin da ke ƙasa da kashi 25 ko an yi kuskure bai cika tashi da ƙarfi ba.

34/ Sai na miƙa masa caja na ce, “Baba, wannan ce ta jawo.” Ya jona ta da wani ɗan ma'auni mai kamar filash, ya saka wata waya a ɗaya bakin. Ya nuna 5.1V, ya tsaya cak. Ya bar ta kusan minti 15, ya taɓa ta, ɗumi kawai. Ya ce, “Cajarka lafiyarta ƙalau. Igiyar ce ta gaji, dubi wuyanta.” Ya tsage, har waya ta leƙo.

35/ Nan ne yawancinmu muke kuskure. Caja ba ita ke yanke yawan abin da zai shiga batir ba. Ita dai tana sauke wutar bango zuwa 5V ta miƙa. A cikin wayar akwai abin da ke karɓa ya auna wa batirin, ya rage idan ya kusa cika, ya tsayar idan ya kai iyaka. A jikin batirin kansa ma akwai wani ɗan mai gadi na biyu.

36/ Shi ya sa caja mai babban lamba ba ta yi wa waya ɗure. Idan an rubuta 5V 2A a jikinta, wat 10 ke nan, 5 sau 2. Mai 33W ko 65W ta kirki sai sun yi yarjejeniya da wayar kafin ta ƙara ƙarfi, idan wayar ba ta iya ba, a ƙarami za su tsaya. Abin da ke gaskiya shi ne caji mai sauri ya fi kawo zafi, don haka shi ya fi buƙatar sarari.

37/ Ba ina wanke kowace caja ba ne fa. Jabu tana nan, kuma tana ɓarna. An rage kayan cikinta, wutar da take bayarwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana sa waya zafi, tana iya ƙona abin da ke auna cajin. Mafi muni, tsakanin wutar bango da igiyar da ke hannunka babu isasshiyar kariya. Irin wannan ba batir kaɗai take barazana ba, kai ma.

38/ Yadda za ka zarge ta ba tare da ma'auni ba: kana caji sikirin yana danna kansa ko ya ƙi jin yatsanka. Kana jin tsir-tsir idan ka taɓa gefen wayar. Kanta yana zafin da ba ka iya riƙewa, ko yana ƙara, ko warin ƙonewa, ko ya canza launi, ko haƙoransa suna girgiɗi. Ɗaya ya isa. Ka yanke igiyar kafin ka yar, kada wani ya tsinta ya ɗauka tsuntuwa ya yi.

39/ Idan ba ta da ko ɗaya, ka tafi da ita wurin mai gyara a auna, kamar yadda aka yi wa tawa. Abin da ba za ka yi ba shi ne gwada ta a kan wayar da ta kumbura don ka ga “ko za ta ɗauka”. Idan kuma sabon batir ya sake kumbura cikin 'yan watanni, to a duba uku: batirin da aka saka maka, cajar, da abin da ke auna caji a cikin wayar.

40/ Wurin sayen sabon batir ya ajiye mini biyu, ɗaya ya kusa ninka ɗaya a kuɗi. Aljihuna ya ce ƙaramin. Ya nuna mini lambar da ke jikin tsohon, ya ce dole ta zo ɗaya da ta sabon. Ya ce in duba ranar da aka ƙera shi, don batir yana tsufa ko a kan kanta. Ya kuma ce duk wanda aka rubuta masa ƙarfin da ya ninka na asali alhali girmansu ɗaya, rubutu ne kawai.

41/ Na kira Yaya na ce ta taimaka. Ta ce, “Kai da aka ba ka kuɗin abinci shekaranjiya?” Na ba ta labarin daren. Ta yi shiru, sai ta ce, “Kada ka gaya wa Umma.” Ta turo. Na sayi mai tsadar da sabuwar igiya, na yi mako guda ina garau-garau.

42/ Tsohon batirin ya liƙe bakinsa da salatif ya jefa a wani bokitin ƙarfe mai yashi a bayan shago, akwai wasu a ciki. Na ce ko in tafi da shi in yar? Ya ce a ina? Gaskiyarsa. Mu bolarmu ƙona ta ake yi, kuma yara ne ke tona ta suna neman ƙarfe. Ka bar wa mai gyaran da ka ga yana ware su, kada ka haɗa da sharar gida, kada ka ba yaro ya yi wasa.

43/ Da ya kunna wayar, kafin in duba komai na shiga hotuna. Suna nan. A tsaye a gaban shagon na tura su wuri biyu, da datar rana mai tsada, ban ko ji zafin kuɗin ba.

44/ Abin da na canza ba shi da yawa. Ina cire riga kafin caji. Tana kwana a kan tayil a cikin loka, na bar 'yar ƙofa, na sa kwaɗo ta yadda hannu ba zai shiga ba. Ba na haɗa caji da hotsifot. Idan na dawo daga rana tana da zafi, sai ta huce nake jonawa. A shagon caji kuma ina roƙon kada a jibga ta a tsakiyar wasu wayoyin.

45/ Ku duba saitin batirinku. Wasu wayoyin suna da inda za ka hana caji wuce 80 ko 85. A Samsung za ka ga Protect battery ko Battery protection, a iPhone akwai Optimized Battery Charging. Na san da irin wutarmu, wani lokacin dole ka cika ta fal don ba ka san yaushe za a sake kawowa ba. Ni ma ina yi. Sai dai in ta cika ina cirewa, kuma ba a ƙarƙashin komai take cika ba.

46/ Fawa bank, iyafis, fitilar caji, 'yar fankar hannu, laftof, yawancinsu irin wannan batirin ne a ciki. Idan wurin linzamin laftof ɗinka ya fara turowa sama ko ya ƙi dannuwa, batirin da ke ƙarƙashinsa ne. Da na dawo ɗaki na bi kayan kowa ina juya su a kan tebur. Fawa bank ɗin mai allura ya juya sau biyu da rabi.

47/ Ya ce ai tun bara yake haka kuma yana aiki. Na ɗauko kwanon abincina na ajiye masa a gaba. Farin tabon nan kuwa har yau yana tsakiyar sikirin ɗina, a kansa nake rubuta muku wannan.